Wasiƙar neman mai ɗaukar nauyin katun na yara: abin da za ta ƙunsa da abin da za a nema

"Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne a nan Bauchi muke zanen katun a kwamfuta. Muna so mu yi shiri mai dogon zango na yara, wanda zai riƙa koyar da gaskiya da riƙon amana da girmama na gaba. Mun kai wasiƙa mai shafi biyar wurare huɗu, shiru kake ji. Yanzu akwai wani kamfanin sabulu da muke son gwadawa. Yaya ake rubuta wasiƙar da za a karanta har a kira mutum, kuma nawa ya kamata mu nema?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Irin waɗannan wasiƙu masu shafi biyar kusan hanya ɗaya suke bi. Shafin farko kuka ne a kan lalacewar tarbiyya, na biyu bayanin yadda katun na waje ke ɓata mana yara, na uku manufofi, sai can ƙasa a ce "muna neman tallafinku", babu adadi, babu rana. Manajan da takardar ta faɗa hannunsa uba ne shi ma, duk abin da aka faɗa a kan tarbiyya ya yarda da shi tun kafin ya buɗe ambulan. Abubuwan da ke ransa guda uku ne: shin yaran nan za su iya gama aikin, su wa za su kalla, kuma nawa zan biya in samu me? Idan ya kai ƙarshen shafin farko bai ga amsar ko ɗaya ba, takardar ta tafi ƙarƙashin fayil.

Saboda haka wasiƙarku shafi ɗaya za ta zama. Sauran bayani ya koma takardun da za ku maƙala a bayanta. Kuma ku sani wasiƙa ba ta kawo kuɗi, iyakacin aikinta ta samo muku zama na minti ashirin a ofis, inda za ku kunna bidiyo a gani da ido.

Kada ku rubuta sai kuna da abin nunawa

Ku fara yin ɗan gwaji na daƙiƙa 60 zuwa 90, kammalalle, da launi da murya da sauti, a daidai ingancin da za ku iya riƙewa har kashi na goma sha uku. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a kwashe wata biyu ana ƙawata minti ɗaya, a nuna wa mai kuɗi, ya amince, sannan kashi na huɗu ya fito bai kama ƙafar abin da aka nuna ba. Wannan ya fi rashin samun kuɗin muni, domin garin ƙarami ne, magana tana yawo.

Gwajin yana da amfani na biyu da ya fi na farko. Yayin da kuke yin sa, ku ajiye littafi ku riƙa rubuta daƙiƙa nawa na motsi kowane mai zane ya kammala a yini. Wannan adadin shi ne tushen duk lissafinku na lokaci da na kuɗi. Wanda bai auna shi ba, ƙiyasi kawai zai yi, kuma ƙiyasin mai zane a kan saurin hannunsa kullum sama yake da gaskiya.

Duba dalili. Idan za a zana kowane motsi da hannu, abin da aka fi sabawa shi ne zane 12 a kowace daƙiƙa. Kashi mai minti 5 daƙiƙa 300 ke nan, wato zane 3,600. Kashi 13 ya zama zane 46,800. Mutum uku ba za su ɗauki wannan ba. Hanyar da ta dace da ku ita ce ta 'yartsana: a zana kowane ɗan wasa sau ɗaya, a raba shi gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, a tanadi siffofin baki kamar shida zuwa takwas na magana, sannan a ɗaure gaɓoɓin da ƙasusuwa a riƙa motsa su. A cikin manhajojin da ake wannan aiki da su, Moho da Toon Boom Harmony na kuɗi ne, Blender da OpenToonz kyauta ne, Krita kuma ya ishe ku zanen wurare. Manajan kamfanin sabulu bai damu da waɗannan sunaye ba, kada su shiga wasiƙa. Amma ku faɗa masa a jimla ɗaya cewa an gina 'yan wasan sau ɗaya ne ana sake amfani da su, domin shi ne zai bayyana masa abin da ya sa kason farko suka fi tsada.

Labari ɗaya, maimakon jerin kyawawan halaye

"Shirin zai koyar da gaskiya, amana, tsafta, haƙuri da ladabi." Kowa haka yake rubutawa, kuma babu abin da mai karatu zai gani a idon zuciyarsa. Ku ba shi kashi ɗaya a jimla huɗu ko biyar. Ga misali. An aiki Bala, ɗan shekara takwas, ya kai niƙa. Yaron mai inji ya yi kuskure ya ba shi canji da rarar naira 200. Bala ya lura, ya yi shiru, ya sayi alewa ya shanye a hanya. Washegari da ya koma, ya tarar mai inji yana yi wa yaron faɗa, ya ce zai cire kuɗin daga ladansa. Kuɗin kuwa sun riga sun tafi ciki. Sauran kashin duka a kan yadda Bala zai samo naira 200 ne, da taimakon yayarsa Talatu, da kuma abin da ya fi masa wuya, wato ya tsaya gaban mai inji ya faɗi abin da ya yi.

Lura da abubuwa biyu a ginin wannan labari. Na farko, laifin ya ci kamar minti ɗaya da rabi ne kawai, gyaran ya ci sauran. Idan aka juya, aka ba ɓarna minti huɗu da ban dariya, aka bar nadama a daƙiƙa talatin na ƙarshe, abin da yaro zai tafi da shi ɓarnar ce, ita zai kwaikwaya a tsakar gida. Na biyu, babu wani dattijo da ya fito a ƙarshe ya ce "yara, kun ga illar rashin gaskiya". Bala ya ga fuskar yaron da ake yi wa faɗa saboda shi, mai kallo ma ya gani. Tatsuniyarmu ta gida ma da haka take aiki: ana ganin kwaɗayin Gizo yana ja masa abin da yake ja masa, a ce ƙurunƙus, yara su tashi da abin a ransu.

Ku tsayar da shekarun masu kallo, ku rubuta su da lamba. "Yara" ba amsa ba ce. Ɗan shekara huɗu ba zai bi lissafin canji ba, ɗan sha biyu kuma zai raina labarin. Na Bala na 'yan shekara 6 zuwa 9 ne.

Sannan ku gwada shi kafin ku kai ofis. Ku jera zanen labarin hoto-hoto, ku ɗora murya a kai ko da babu motsi, ku nemi izinin hedimasta a wata firamare ko islamiyya ku nuna wa yara goma sha biyar. Kada ku tambaye su ko ya yi daɗi, duk za su ce e. Ku ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ku ce, "Ba ni labarin abin da ka gani." Wanda ya tsaya a alewa bai kai ga mayar da kuɗi ba, saƙon bai isa gare shi ba. Ku rubuta adadin yadda ya fito. Jimla irin "mun nuna wa yara 15 a aji uku, 11 sun ba da labarin har inda Bala ya amsa laifinsa" ta fi shafi biyu na bayanin tarbiyya nauyi, da sharaɗin ku yi gwajin da gaske kuma ku faɗi abin da kuka samu, ko da bai kai yadda kuke so ba.

Akwai wata shawara da ya kamata ku yanke tun yanzu, domin za a tambaye ku. Shirin na addini ne, ko na tarbiyyar da kowa ya yarda da ita? Duka biyun hanya ce mai kyau, amma masu ɗaukar nauyinsu daban ne. Kamfanin sabulu yana sayarwa a Azare da Misau, yana kuma sayarwa a Bogoro da Tafawa Ɓalewa, ya tsallaka Billiri da Kaltungo, kuma duk wuraren nan da Hausa ake ciniki. Zai fi sakin jiki da shirin da kowane gida, na Musulmi ko na Kirista, zai kunna. Sunaye irin Bala, Talatu, Ladi da Ɗanjuma suna taimakawa, don ana jin su a kowane ɓangare. In kuwa kun zaɓi sa aya ko hadisi, sai ku sami malamin da zai riƙa duba kowane rubutu kafin a ɗauki murya, ku ambaci hakan a wasiƙa. Haka batun kiɗa: ku yanke ko waƙar buɗe shiri da kiɗa za ta zo ko muryoyin yara zalla, kada a bari sai an gama wani ya ce a cire.

Nawa za ku nema

Zan bi lissafin da alƙaluma na misali, ku kuma ku sauya su da farashin da kuka tambayo a kasuwa a makon da za ku rubuta. Tsarin shi ne abin riƙewa.

Mu ɗauka kashi 13 ne masu minti 5. An zaɓi 13 ne domin tashoshi suna tsara shirye-shiryensu wata uku-uku, mako 13 ke nan. Mu ƙaddara littafinku ya nuna kowane mai motsa zane yana gama daƙiƙa 10 a yini, ku biyu daƙiƙa 20, na ukunku yana zanen wurare da haɗa sauti. A cire daƙiƙa 30 na buɗewa da rufewa da ake maimaitawa, saura 270. Kwana 14 ke nan na aiki. A ƙara gyare-gyare da ranakun da wuta ko rashin lafiya za su ci, kashi ɗaya ya tashi a mako uku. Kashi 13 mako 39. Kafin su kuma akwai kamar mako takwas na gina 'yan wasa, zanen unguwa da ɗaukar waƙa. Jimla mako 47, wata goma sha ɗaya. Duk wanda ya rubuta wa mai kuɗi cewa zai kawo kashi 13 a wata uku da mutum uku, ya ɗaura wa kansa igiya.

Kuɗin iri biyu ne. Akwai na wata-wata: a ce masu motsa zane biyu naira 150,000 kowanne, mai zanen wurare 100,000, man janareta da data 80,000, jimla 480,000 a wata. Akwai kuma na kowane kashi: rubutun labari 30,000, masu murya da hayar sutudiyo 60,000, malamin makarantar da zai duba rubutu da gwaji a gaban yara 15,000, jimla 105,000. Waƙar shiri sau ɗaya ake biyan ta, a ce 200,000. A tara duka na wata 11 da kashi 13, a ɗora kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, sai ya kama kusan naira miliyan 7.5, ban da kuɗin fili a talabijin.

Ku sa ladanku a ciki, kada kunya ta hana ku. Kasafin da babu albashin masu yi, mai hankali yana ganinsa ya san aikin zai tsaya a wata na uku, ranar da ɗayanku ya sami aikin zanen fasta mai biya nan take.

Amma shawarata kada ku nemi miliyan 7.5 daga wanda bai taɓa aiki da ku ba. Ku nuna masa cikakken adadin don ya san inda aka dosa, sannan ku nemi na kashi uku na farko. Wannan wata huɗu ne na aiki, kuma da alƙaluman da ke sama ya kama kusan miliyan 2.7. Zai raba da uku ya ga kusan 900,000 kowane kashi, ya ɗaga gira. Ku riga shi: sauran goman kowanne kusan 485,000 ne, domin an riga an gina 'yan wasa da wurare da waƙa. Ku kuma raba biyan gida uku, kowane an ɗaure shi da abin da za a gani: kashi 40 cikin ɗari ranar sa hannu, 30 idan an kawo kashi na farko, 30 idan an kawo na uku. Wannan yana rage masa fargaba, ku kuma yana kare ku daga yin aikin wata huɗu a kan alƙawarin baki.

Abu ɗaya da ke tsayar da biya bayan an amince: kamfani mai tsari ba ya tura kuɗi asusun mutum. Ku yi rajistar sunan sana'a da hukumar CAC, ku sami lambar haraji, ku buɗe asusun banki da sunan. Ku tambayi akawunsu kuma ko za su cire haraji daga kuɗin kafin su biya, don kada abin da ya shigo ya gaza abin da kuka lissafa.

Su wa za su kalla

A nan yawancin wasiƙu suke faɗuwa, da jimlar "miliyoyin yara a Arewa za su amfana". Mai kamfani ya san ba ku da hanyar ƙirga su. Ku ba shi abin da zai iya aika yaronsa ya tabbatar.

Ku fara zuwa tashar talabijin tun kafin ku je wurinsa. A Bauchi akwai BATV da NTA, in kuna son Gombe akwai tashar jiha da NTA ta can. Kada ku ɗauka tasha za ta sayi shirinku. Abin da aka fi sabawa shi ne mai shiri ya sayi fili, ko ya zo da mai ɗaukar nauyi. Ku nemi farashin mako 13 a rubuce, da rana da lokaci, ku tambaya ko suna da fili na minti biyar ko sai an cika rubu'in awa, da irin fayil ɗin da suke karɓa. Talabijin ɗinmu hoto 25 yake tafiya a daƙiƙa, don haka ku saita aikinku a kan haka tun daga farko. Takardar tasha, ko da layi uku ce da ke cewa sun ga gwajin kuma a shirye suke su sa shirin idan an biya, ku maƙala ta. Kuɗin filin ku rubuta shi a layinsa daban, domin wani kamfanin yana da yarjejeniyar talla da tashar, zai iya samun sa da rahusa fiye da ku.

Sai makarantu. Takardar amincewa daga hedimastoci goma, kowanne ya rubuta yawan ɗalibansa na aji ɗaya zuwa huɗu, ta fi kowane ƙiyasi. Waɗannan yara ne masu suna a rajista, kuma ranar nunawa za a iya gayyatar wakilin kamfani ya zauna a bayan aji.

YouTube da WhatsApp ku ambace su, amma kada ku ce kuɗin tallan YouTube zai riƙe shirin nan gaba. Bidiyon yara dole ne a zaɓa masa "Yes, it's made for kids" lokacin ɗorawa, kuma tun Janairun 2020 irin wannan bidiyo ba a sa masa tallan da ke bin sawun mai kallo, an kuma rufe masa sharhi, don haka abin da yake kawowa kaɗan ne. Kafin ma a fara biyan tashar YouTube kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. Ga WhatsApp, ku fitar da ƙaramin kwafi mai sauƙin turawa, kuma sunan mai ɗaukar nauyi ya kasance a jikin bidiyon, domin duk inda aka tura shi ya tafi da shi. In kamfanin yana ciniki a ƙasar Fulani, ku gaya masa za a iya ɗora muryar Fulatanci a kan zanen nan da kuɗin murya da ɗan gyaran baki kawai.

Abin da kamfani zai samu, da abin da ba zai samu ba

Ku faɗa ƙarara. Sunansa da tambarinsa na daƙiƙa biyar a farko da ƙarshen kowane kashi, da muryar da ke cewa shirin ya zo da ɗaukar nauyinsa. Tambarinsa a takardun zane da za a raba wa yara a makarantu. Alƙawarin cewa babu wani mai sabulu da zai shiga shirin har tsawon wata goma sha biyu. Rahoto na shafi ɗaya bayan kowane kashi uku, da ranakun da aka sa shiri da makarantun da aka je.

Zai iya cewa Bala ya riƙa riƙe sabulunsu yana yabonsa a cikin labari. Ku ƙi cikin ladabi, kuma ku nuna masa cewa shi ma ba ribarsa ba ce. Ɗan shekara shida ba ya bambance labari da talla, iyaye kuwa suna bambancewa, kuma ranar da uwa ta gane ana amfani da shirin tarbiyya a sa ɗanta ya yi mata kukan a sayo wani abu, amana ta tafi, makarantu ma za su rufe ƙofa. Kashi a kan wanke hannu kafin cin abinci ya halatta, ya ma dace da su, amma sabulun da ke cikinsa ya zama marar suna. In suna son cikakken talla kafin shiri ko bayansa, wannan nasu ne, su ne za su kai shi hukumar kula da talla ta ƙasa, ARCON, ta tantance kafin a sa. Shirin kansa kuma ku tanadi kai shi hukumar tace finafinai ta ƙasa, NFVCB, don a ba shi matakin masu kallo, ku sa kuɗin a kasafi.

Batun mallaka kada ku bar shi sai an zauna. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wanda ake ɗauka mai fim shi ne wanda ya yi tanadin shirya shi, sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban. To idan babu takarda, wanda ya biya kuɗi yana da bakin cewa shi ne. Jimla ɗaya a wasiƙa ta isa ta share fage: labari da 'yan wasa mallakarku ne, kamfani yana da izinin amfani da shirin na wata kaza a wurare kaza. Daga baya lauya ya zuba ta a yarjejeniya. Ku ukun ma ku rubuta tsakaninku wa ke da me, kuma duk yaron da zai yi murya a karɓi amincewar iyayensa a rubuce.

Yadda wasiƙar za ta kasance

A kan takarda mai sunanku da lambar rajista, da kwanan wata, zuwa ga mutum da sunansa da muƙaminsa. Ga gangar jikinta:

"Ranka ya daɗe, muna neman kamfaninku ya ɗauki nauyin kashi uku na farko na wani shirin katun da Hausa, na yara 'yan shekara 6 zuwa 9, a kan naira miliyan 2.7.

Shirin kashi 13 ne, kowanne minti 5, a kan Bala da yayarsa Talatu a wata unguwa a Bauchi. A kashi na farko an ba Bala rarar canji a wurin niƙa, ya kashe, washegari ya tarar za a cire kuɗin daga ladan yaron da ya yi kuskuren, sai ya shiga neman yadda zai biya. Mun nuna shi ga yara kaza a makaranta kaza, kaza daga cikinsu suka ba da labarin daidai har ƙarshe.

Tasha kaza ta amince ta sa shi duk ranar kaza da ƙarfe kaza, makarantu goma masu ɗalibai kaza sun amince a nuna musu. Takardunsu suna haɗe.

Sunanku da tambarinku za su fito a farko da ƙarshen kowane kashi da kan takardun zanen yara, kuma babu wani kamfanin sabulu da zai shiga shirin har wata 12. Ba za a yi talla a cikin labari ba. Mallakar shirin tana hannunmu, izinin amfani yana hannunku na wannan lokaci.

Za mu kawo kashi ukun cikin wata huɗu daga ranar sa hannu, a biya sau uku gwargwadon abin da muka kawo. Sauran kashi goma za su ci kusan naira 485,000 kowanne, kuma ba ku ɗaure da su ba sai kun ga na farko.

Muna roƙon minti ashirin a makon gobe mu nuna maku gwajin daƙiƙa 90 da muka kammala."

Lura kuɗin ya zo a jimlar farko. Al'adarmu ta fi son a yi shimfiɗa kafin a kai ga buƙata, kuma a zaman baki haka za ku yi. Amma takardar ofis ana karanta layinta na farko ne a yanke wa za a miƙa wa. Bayanta ku maƙala abu huɗu kawai: shafin hotunan 'yan wasa masu launi, shafin da ke ba da kowane kashi a layi biyu, shafin kasafi da jadawalin lokaci, sai takardun tasha da makarantu. In kamfanin da Turanci yake aikin ofis, ku kai ta da Turanci, ku riƙe ta Hausa don mai kamfanin kansa, wanda sau da yawa ita zai fi karantawa da natsuwa.

Wannan tsari na ɗan kasuwa ne. Ƙungiyoyin raya ƙasa irin UNICEF, wadda ke da ofis a nan Bauchi, ba da wasiƙa irin wannan suke ba da aiki ba. Suna da fom da lokacin kira nasu, kuma saƙon da ke cikin shirinsu na shekara suke bi. Kada ku aika musu wannan da sauya suna kawai.

Kai wa da bibiya

Kafin ku buga, ku bincika wa ke yanke hukunci. A babban kamfani aljihu biyu ne, na talla da na taimakon al'umma, kuma wasiƙar da ke sama ta mai kula da talla ce. A kamfanin iyali kuwa Alhaji ne da kansa, kuma takardar da ta shiga ta hannun wanda yake jin nauyinsa, dila babba ko limamin unguwarsu ko tsohon abokin karatu, ita ake buɗewa. Lokaci ma yana da tasiri. Masu tsara kasafi daga Janairu suna rufe lissafi a watannin ƙarshen shekara, don haka Satumba ko Oktoba ya fi Maris. In kuna hangen watan azumi, lokacin da iyali ke zama gaban talabijin bayan shan ruwa, ku ƙirga watanninku na aiki baya daga ranar, ku ƙara biyu na jiran amsa.

Ku kai da hannu, kwafi biyu. Sakatare ya buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi, ku kuma tambayi sunan wanda za a miƙa wa. Bidiyon gwajin ya kasance a cikin wayarku da filashi, ba a intanet kaɗai ba, don kada ku tsaya a gaban manaja kuna jiran sabis. Ku sa tambarin ɗan ƙaramin sunanku a kusurwarsa kafin ku tura wa kowa. Bayan mako ɗaya ku kira. Bayan wasu mako biyu ku sake, da sabon abu a hannu, kamar ƙarin makarantar da ta amince. In an yi shiru bayan na biyu, ku wuce kamfani na gaba, amma kada ku yi wa masu sabulu biyu alƙawarin keɓewa a lokaci guda.

Zai yiwu a ce muku miliyan ɗaya kawai za a iya. Kada ku karɓa a kan kashi uku ɗin nan kuna fatan Allah zai rufa asiri. Ku koma kan lissafi a gabansa: mako takwas na gini da mako uku na kashi ɗaya kaɗai sun haura miliyan ɗaya da rabi. Sai dai ko ya cike gibin da kaya, kamar ya biya filin tasha kai tsaye ko ya sa muku sola a ɗakin aiki, wanda zai sauke layin man janareta, ko kuma ya yarda ku nemo na biyu daga wata sana'ar da ba ta gogayya da tasa, irin makaranta mai zaman kanta ko kamfanin shinkafa, a raba daƙiƙa biyar ɗin farko da na ƙarshe tsakaninsu.